Takarda zuwa ga Darakta: Taƙaitaccen rahoton kwamitin tantance tayi kan kwangilar teburan ɗalibai 1,200

Zuwa ga: Mai girma Darakta
Daga: Sakataren kwamitin tantance tayi
Damagaram, Litinin 16 ga Yuni 2025

Ranka ya daɗe,

Kwamiti ya kammala aikinsa ranar Alhamis 12 ga Yuni, kuma shawararsa ita ce a ba mai tayi na biyu wannan kwangila a kan sefa miliyan 36, wato jaka 30 kowane tebur, har da haraji da kuɗin kai kaya ƙofar kowace makaranta. Ba shi ne mafi araha ba. Akwai wanda ya gaza shi da miliyan 8 da jaka 400, kuma na san a nan idonka zai fara tsayawa, don haka a nan zan fi daɗewa.

Aikin dai shi ne teburan ɗalibai masu haɗe da benci guda 1,200, na zaman yara uku-uku, domin makarantun firamare 24 a gundumomin Miriya, Magarya da Kance. Kuɗin da aka ware miliyan 42 ne. An fitar da sanarwa ranar 28 ga Afrilu, aka buɗe ambulan ranar Talata 27 ga Mayu a gaban wakilan 'yan kwangila biyar ɗin da suka kawo tayi. Hutun Sallar Layya ya ci mana 'yan kwanaki a tsakani.

Biyu sun fita tun da wuri. Na biyar bai haɗo da takardar shaidar biyan haraji ba, babu kuma takardar lamuni daga banki, alhali sharuɗɗanmu sun ce rashin ɗaya daga ciki ya isa a ajiye tayi. Na huɗu takardunsa lafiya lau, amma ya nemi miliyan 44 da jaka 400, ya haura kuɗin da ke hannunmu. Saura uku: na farko miliyan 27 da jaka 600, na biyu miliyan 36, na uku miliyan 38 da jaka 400.

Mun buƙaci kowa ya kawo tebur ɗaya na gwaji, kuma teburin ne ya raba gardama. Sharuɗɗa sun ce kaurin ƙarfen ƙafa ya kai milimita ɗaya da rabi, katakon sama kuma milimita 25, busasshe. Da injiniyanmu ya auna na mai tayi na farko, ƙarfe milimita ɗaya ne, katako 18. Waldar ɗigo-ɗigo aka yi mata a kusurwa, aka shafe da fenti. Mutum biyu daga cikinmu suka zauna a kan bencin, ƙafar baya ta buɗe muna kallo. Katakon ma ɗanye ne: kwana goma a ofis, ya riga ya fara tankwarewa, kan ƙusa ya leƙo. Irin wannan tebur, in ya sha zafin bazara ɗaya da tsalle-tsallen yara, shekara mai zuwa a bayan aji za a same shi a jibge, yara kuma su koma kan tabarma.

Duk da haka ba mu yanke masa hukunci a kan tebur ɗaya ba. Biyu daga cikinmu sun shiga Kasuwar Dole suka tambayi kuɗin ƙarfe, katako, fenti da ƙusa irin waɗanda muka gindaya, lissafi ya kama wajen jaka 21 kowane tebur, kafin a biya mai walda, kafinta ko mota. Shi kuwa jaka 23 ya rubuta. Mun aika masa takarda ya yi bayani. A amsarsa ya ce ƙarfen da ya kawo a gwaji da shi zai yi aikin duka, kuma a harabar ofishinmu zai sauke kaya, mu ne za mu kai ƙauyuka. Da bakinsa ke nan ya tabbatar tayin bai cika sharuɗɗa ba. Dukkan mu biyar muka amince a ajiye shi. Amsar tasa tana haɗe da rahoto, domin ina kyautata zaton zai kai ƙorafi, kuma haƙƙinsa ne.

Na biyu da na uku duka sun tsallake awo, teburansu sun yi kyau, kuɗi ne kawai ya raba su. Abu ɗaya ya kamata ka sani game da na biyu: a jimilla ya rubuta miliyan 35 da jaka 400, amma jaka 30 sau 1,200 miliyan 36 ne. Sharuɗɗa sun ce in an samu saɓani, kuɗin guda ɗaya ake bi. Muka gyara, ya amince a rubuce, kuma gyaran bai sauya matsayinsa ba.

Ba baki ɗaya muka tsaya a kansa ba, huɗu ne da ɗaya. Wakiliyar sashen kuɗi ta fi natsuwa da na uku, domin ya taɓa yin kwangila mai girman wannan, shi kuwa na biyu mafi girman aikin da ya nuna mana shaidarsa tebur 700 ne. Damuwarta tana da tushe. Saboda ita muka je shagonsa a nan cikin gari ba tare da sanarwa ba. Mun tarar da injin walda shida, janareto na kansa saboda ɗaukewar wuta, da katako a jere a rumfa yana shan iska. Ya cika abin da sharuɗɗa suka nema na gogewa, don haka ba mu da hujjar tsallake shi mu ƙara miliyan 2 da jaka 400. A ganina tsoronta magani yake so, kuma kwamiti ya sa maganin a cikin kwangila: ya ajiye lamunin banki na kashi 5 cikin ɗari, kada a ba shi kuɗin somin aiki sai da lamuni daidai da su, sannan ya kawo kaya kashi uku, 400 kowane zubi, injiniya ya auna ƙarfe da katako kafin a shafa fenti. Ta nemi a rubuta ra'ayinta a rahoto, an kuma rubuta.

Za a samu rarar miliyan 6. Sharuɗɗa sun ba mu damar ƙara yawan kaya har kashi 15 cikin ɗari a kan kuɗin guda, wato tebur 180 a kan miliyan 5 da jaka 400, mazaunin yara 540. Wannan ba ya cikin shawarar kwamiti, tawa ce. Amma ina roƙon a jinkirta shi har mu ga zubin farko.

Abin da ya fi damuna lokaci ne. Wa'adin aikin kwana 75 ne. In ka sa hannu kafin Juma'a 20 ga Yuni, za mu sanar da duka biyar sakamako da dalilansa, mu jira wa'adin ƙorafi ya cika, aiki ya soma 7 ga Yuli ya ƙare 20 ga Satumba, gab da komawar yara makaranta a farkon Oktoba. Ga damina ta kama, kuma wasu makarantun Magarya babbar mota ba ta isa gare su cikin sauƙi in ruwa ya sauka a Agusta, shi ya sa muka ce zubin farko can zai tafi.

Ina neman amincewarka da a ba mai tayi na biyu kwangilar a kan miliyan 36 bisa sharuɗɗan nan uku, da izinin aika takardun sanarwa. Cikakken rahoto mai shafi 14 yana haɗe da wannan takarda, teburan gwaji kuma suna ɗakin taro in kana so ka gani da idonka.

Allah ya ƙara girma.

Sakataren kwamitin tantance tayi