Gyaran jadawalai da rataye na yarjejeniyar shinkafa, kafin sa hannun Alhamis

Salam ƙanena, ya aiki ya zafin Gombe. Na zauna daren jiya na karanta yarjejeniyarmu da Alhaji mai injin casa tun daga bango har bango, wadda ka turo min ranar Litinin, buguwar ta yi kyau wallahi, amma nuni zuwa jadawalai da rataye duk ya rikice kuma ba laifinka ba ne, mu ne muka yi ta canje-canje. Ka buɗe fayil ɗin ka kunna Track Changes tukuna don Barista ya ga duk inda aka taɓa, sannan ka bi wannan saƙon.

Ga asalin inda matsalar ta fito. Da farko jadawali biyar ne: na 1 sunayen mambobi da fadin gonar kowa, na 2 iri, na 3 taki, na 4 farashi, na 5 ranakun biya. A zaman da muka yi a Dadin Kowa Ciyaman ya ce a haɗe iri da taki wuri ɗaya tunda tare ake raba su, aka haɗe, suka koma huɗu, farashi ya dawo na 3, ranakun biya suka dawo na 4. Kanun jadawalan an gyara, amma cikin sassan ba wanda ya koma ya bi.

To sashe na 4, layi na biyu, inda aka ce "kamar yadda yake a Jadawali na 2 da na 3", ka mayar da shi "Jadawali na 2" kawai. Sashe na 9 yana cewa Jadawali na 5, babu shi yanzu, na 4 ne. Wannan mai sauƙi ne, duk wanda ya juya baya ya ga babu na 5 zai tambaya.

Wanda ya hana ni barci shi ne sashe na 6. An ce Alhaji zai karɓi shanshera "a farashin da ke Jadawali na 4". Ka ga Jadawali na 4 yana nan, akwai shi, cike da lambobi da alamar naira, shi ya sa mu uku muka karanta ba wanda ya tsaya. Amma ranakun biya ne a ciki da kuɗin da za a biya kashi-kashi, babu farashin buhu ko ɗaya. Ranar da kaka ta zo kasuwa ta tashi ko ta faɗi, wanda abin bai yi wa daɗi ba zai iya cewa ai takarda ba ta nuna farashi ba, a koma ciniki sabo da mutum 62 a tsaye da buhunansu a bakin sito. Ka mayar da shi Jadawali na 3, wuri biyu ne a sashen, 6.1 da 6.3, na biyun an taƙaita shi "Jad. 4" don haka idan ka nemi cikakkiyar kalmar ba zai fito ba, ka rubuta shi cikakke kamar sauran. Shi ma Jadawali na 3 a ƙarƙashin kansa an sa "duba sashe na 7", na 6 ne, 7 maganar danshin shinkafa ce.

Don Allah kar ka yi amfani da Replace All, na san ka da son gajeriyar hanya. Sashe na 8 da na 12 Barista ya riga ya gyara su da hannunsa, Jadawali na 4 da ke cikinsu daidai ne, in ka ce a canza duk 4 zuwa 3 ka ɓata masu kyau. Ka danna Ctrl+F ka rubuta jadawal haka ba ƙarshe, zai kamo jadawali da jadawalin da jadawalai, ka bi su ɗaya-ɗaya, kowanne ka juya baya ka tabbatar abin da sashen ke magana a kai shi ne a wurin da ya nuna. Ni na ƙirga goma sha ɗaya har da wancan Jad. ɗin, in ka samu fiye ko ƙasa ka kira ni.

Sai rataye. Mun yi shawara jadawalai da lamba, rataye da harafi, saboda jadawali mu muka tsara shi a cikin yarjejeniyar, rataye kuwa takardu ne da suke nan tun da, liƙa su kawai muka yi. Sashe na 2 ya ce "Rataye na 1", ka mayar Rataye A, taswirar gonakin kenan. Takardar rajistar ƙungiya an rubuta mata "Jadawali B" a sama, Rataye B ne. Ƙudurin taron da ya ba Ciyaman da Ma'aji izinin sa hannu shi ne Rataye C, yana nan a baya amma babu sashe ko ɗaya da ya ambace shi, ya zama baƙon da ba wanda ya gayyata. Barista ya ce a ƙara a ƙarshen sashe na 1: "bisa izinin da ke Rataye C".

Rataye D kuma akasin haka ne, sashe na 11 ya kira shi, fom ɗin karɓar kaya da za a riƙa cikewa a sito, amma ba a liƙa komai ba. Kar ka goge ambaton don takarda ta yi tsaf, kuma kar ka zana wani fom daga kanka. Fom ɗin yana wajen magatakardan Alhaji, na kira shi ya ce gobe da safe zai turo, in ya zo ka sa shi a baya da kan "Rataye D: Fom ɗin karɓar kaya". In azahar ta yi bai zo ba ka gaya min in je da kaina, ba nisa.

A sashe na 10 akwai wani baƙin rubutu da ya fito da Turanci, Error! Reference source not found. Wancan nuni ne da aka yi da Cross-reference zuwa kan tsohon jadawalin iri, da aka goge kan sai ya rasa inda zai kama. Ka share shi ka sa Jadawali na 2. In ka gama komai ka danna Ctrl+A sannan F9, in ya tambaye ka ka zaɓi Update entire table, don shafin abubuwan da ke ciki ya sabunta, har yanzu biyar yake nunawa, sai ka sake dubawa ko wani kuskuren ya ɓullo. Ka leƙa ƙasan shafukan baya ma da ido, na ga ɗaya yana cewa Jadawali na 5.

Abu ɗaya ne ba naka ba. Sashe na 14 ya ce jadawalai ɓangare ne na yarjejeniyar, bai ce komai kan rataye ba, wannan canza ma'ana ne ba gyaran lamba ba, na tura wa Barista, kai dai ka sa masa rawaya ka bar shi.

Sunan fayil ka sa masa kwanan watan yau, tsohon da ke hannun Ma'aji zan ce ya yaga kar ya zo da shi ranar Alhamis, don in aka sa hannu a kan mai kuskure sai an yi wata takardar gyara kowa ya sake sa hannu, kuma ka san Alhaji Juma'a zai wuce Bauchi. Ka turo min kafin la'asar ɗin gobe in sake bi, kar ka buga kwafi ko ɗaya sai na ce to. Kuɗin data na wajena. Ka gaida Inna.