Rahoton Kuskuren Ba da Magani, Ɗakin Yara

Ranar Talata, ƙarfe 10:40 na safe, aka kawo yaro ɗan shekara 3 daga cikin garin Daura da zazzaɓi. Nauyinsa kilo 14. Likita ya rubuta farasitamol na ruwa, miligiram 210.

Ƙarfe 11:05 na auna mililita 8.75 da sirinji na ba shi. Wannan shi ne awon da ya dace da kwalba mai miligiram 120 a mililita 5. Kwalbar da na ɗauka kuwa mai miligiram 250 a mililita 5 ce. Ke nan ya sha kimanin miligiram 437, sama da ninki biyu na abin da aka rubuta.

Kwalaben biyu suna kanta ɗaya, kwalinsu kusan launi ɗaya.

Ƙarfe 11:20, ina cike katinsa, na ga bambancin. Nan take na sanar da likita. Ya duba yaron, ya ce a dakatar da farasitamol, a ci gaba da lura da shi. Bai yi amai ba, yana shan ruwa, yana wasa.

Ƙarfe 11:45 likita ya yi wa mahaifiyarsa bayani a gabana. An miƙa kwalbar ga shugabar ɗaki.

Nas mai aikin safe