Saƙon barin gida zuwa ga Malam Nura

Assalamu alaikum Malam Nura. Ya iyali, ya damina? Na samu saƙonka cewa ranar Alhamis 28 ga Agusta motar kwashe kaya za ta zo, za ku koma naku gidan a Ɗorayi. Allah ya sanya alheri, ya sa an shiga a sa'a. Na ga gara in rubuto maka komai a wuri ɗaya, don maganar waya saurin mantuwa gare ta.

Kuɗin hayarka zai ƙare Lahadi 31 ga wata. Ni kuma zan zo duba gida ranar Asabar 30, ƙarfe 10 na safe, tare da Malam Habu dillali, tunda a gabansa aka ba ka gidan. Da safe nake so saboda ɗakin baya ba ya samun haske, in an ɗauke wuta da yamma ba abin da za mu gani. Ka zo da kanka don Allah, kada ka wakilta yaro. In ranar ba ta yi maka ba, ka faɗa min kafin Laraba.

Maganar shara, ba cewa na yi ka mayar da gida sabo ba. Shekara 4 da yara uku, dole bango ya nuna. Fenti nawa ne, haka silin ɗin falo da ya jiƙe, yoyon kwano ne, ba zan ɗora maka ba. Abin da nake so a kula da shi shi ne kicin. Bangon da ke bayan risho ya yi baƙi da hayaƙi da maiƙo, kuma mai fenti ya ce in ba a wanke da ruwan zafi da omo ba, ko an shafa ɓarewa zai yi. A goge tayil ɗin banɗakuna biyu, a kakkaɓe yanar da ke jikin fankoki da ragar taga. Sai kwatar tsakar gida, wadda ledoji suka toshe bakinta. Da na zo wancan makon na tarar ruwa ya kwanta har gindin tanki, ga shi muna tsakiyar Agusta. A yashe ta. Tsohuwar katifa da karyayyen keken yara da ke soro, in ba za ku tafi da su ba a ba 'yan gwangwan, kada a jingine min a bakin get, maƙwabta ni za su kira.

Makullai 9 na ba ka, yana nan a takardar da muka sa hannu: 2 na get, 2 na ƙofar falo, ɗakuna uku kowanne ɗaya, na kicin, da na kwaɗon sito. Na san ka yanka wa maiɗakinka da ƙaninka ƙari, su ma a haɗo. Wanda ya ɓata ka faɗa min kawai, canjin kwaɗo ba wani abu ba ne. Kada a bar wa mai shagon kusa da ku ajiya, hannu da hannu nake so.

Sai mita. Ta wuta mai kati ce, saboda haka ba bashi a tsakaninmu, amma ranar da za ku fita ka ɗauki hoton fuskarta yadda yunit ɗin da ya rage zai fito sosai, ka turo min ta WhatsApp. Yunit ba ya bin mutum sabon gida, a mitar yake zama, don haka abin da ya saura zan biya ka a farashin da ka saya, ni na karɓa wurin mai shigowa. Ɗan akwatin nan da ake danna lambobin kati da shi, wanda ke jikin bangon falo, a bar shi inda yake. Da mitar gidan nan aka haɗa shi, kuma masu kwashe kaya ba sa tambaya, duk abin da ke da waya cirewa suke yi. Ƙaramar mitar injin rijiyar burtsatse da kuke raba kuɗinta da gidan Malam Ado kuwa, a ƙarshen Yuli tana kan 4,312. Ranar Asabar za mu karanta tare, a fitar da kasonka na Agusta.

Naira 50,000 da ka ajiye saboda ɓarna tana nan. In mun gama zagayawa za mu cire na ruwa da gilashin tagar da ƙwallo ta fasa, ragowar in tura maka nan take kafin mu rabu. Ka taho da kwafinka na takardar haya.

Ka yi haƙuri da matsin lokacin. Wanda zai shiga ango ne, 'yan jere za su zo 10 ga Satumba, mai fenti kuma yana son kwana biyar.

A gaida maiɗakinka da su Khalifa. Ka amsa min in ka ga saƙon nan.

Alhaji Garba
Rijiyar Zaki, Kano