Rahoton matsala: shafin biyan kuɗi yana daskarewa a Safari idan an zaɓi kai kaya gida

Assalamu alaikum Injiniya, barka da aiki.

A taƙaice: shafin `/checkout` yana daskarewa gaba ɗaya a Safari 15 da zarar mai saye ya zaɓi `Home Delivery` kuma ya zaɓi jiha. A Chrome da Firefox lafiya lau yake aiki. Matsalar ta fara ne bayan sabuntawar da ka ɗora ranar Alhamis, wadda ta ƙara nuna ranar da kaya za su isa. Ina roƙon ka sa ta a gaba, domin duk wanda ta same shi ba ya iya biya ko kaɗan, ga shi Babbar Sallah ta matso, lokacin da muka fi sayar da takalma da jakunkunan fata.

Jiya Litinin wata Hajiya da ta saba saye a wurinmu ta kira daga Birnin Kebbi, ta ce sau uku tana ƙoƙarin biyan kuɗin jaka biyu shafin yana tsaya mata, har wayarta ta ɗauki zafi. Da fari na ɗauka matsalar sabis ce, na ce ta kashe data ta kunna. Da ta ce iPhone 7 ke hannunta sai na ari irinta wurin ƙanena, na kuma ɗauko tsohuwar MacBook ɗin shago. Duka biyun suka yi daidai abin da ta faɗa.

Ga yadda za ka ga matsalar da idonka:

1. Buɗe shagon a Safari 15, ka sa kowane kaya a kwando. Ni takalmin fata na ₦18,500 na sa.
2. Danna `Checkout`, ka cike suna da lambar waya.
3. A wurin hanyar karɓar kaya, zaɓi `Home Delivery`.
4. A jerin jihohi, zaɓi kowace. Na gwada Sokoto da Kebbi da Zamfara da Kano.

Abin da ya kamata ya faru shi ne kuɗin kai kaya da ranar isowa su bayyana, maɓallin `Pay Now` ya kunnu. Haka Chrome ke yi: da na zaɓi Sokoto yau Talata ya nuna min Alhamis, 22 ga Mayu.

Abin da ke faruwa a Safari kuwa, ɗan da'irar nan mai juyawa tana fitowa, ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba sai ta tsaya cak. Daga nan shafin ba ya amsa komai. Ba a iya gungurawa sama ko ƙasa, ba a iya rubutu a akwati, `Pay Now` yana nan a dushe. Na bar shi minti biyar ina kallon agogo, bai farfaɗo ba. Fankar kwamfutar ta tashi da ƙara, kuma a Activity Monitor shafin yana cin kusan 100% na CPU. Sai an rufe shafin ake samun sauƙi.

Sau goma na maimaita a MacBook mai macOS 12.5 da Safari 15.6, sau goma ya daskare. Sau biyar a iPhone 7 mai iOS 15.8, haka nan. A kan wannan MacBook ɗin dai, da asusu ɗaya da kaya ɗaya, Chrome 136 da Firefox 138 sun wuce har shafin biya. Chrome a wayata ta Android ma ya wuce. Na sauya daga intanet ɗin shago zuwa datar MTN, sannan ta Airtel, na share ma'ajiyar burauza, na buɗe `Private Window`, na gwada ba tare da shiga asusu ba. Babu wanda ya canza komai. Idan za ka gwada a iPhone, ka tuna Chrome na iPhone ma a kan WebKit yake tafiya kamar Safari, don haka ba zai zama gwaji na daban ba.

Abu ɗaya da ya ja hankalina: idan aka zaɓi `Pickup`, wato mutum zai zo shago ya karɓa da kansa, Safari ba ya daskarewa, biya yana tafiya har ƙarshe. Bambancin kawai shi ne a nan ba a lissafa ranar isowa. Shi ya sa na bi ta wannan hanyar.

Na kunna `Develop` na buɗe Web Inspector kafin in zaɓi jiha. A `Console` babu jan rubutu ko ɗaya, abin da ya ɓata min lokaci sosai, don ina ta neman kuskuren da bai bayyana ba. A `Network`, buƙatar `/api/delivery-estimate` ta dawo da 200, saboda haka sabar ta yi nata aikin. Ga amsar da ta bayar:

```
{"fee": 2500, "eta": "2025-05-22 09:00:00"}
```

Da shafin ya daskare na danna maɓallin dakatarwa a `Sources`, sai ya tsaya a cikin `delivery.js`, a nan:

```
const d = new Date(res.eta);
while (!workDays.includes(d.getDay())) {
  d.setDate(d.getDate() + 1);
}
```

Sai na rubuta wannan layin a `Console` na burauzan uku:

```
new Date("2025-05-22 09:00:00")
```

Chrome da Firefox sun fahimce shi sun ba da ranar Alhamis. Safari 15 ya ce `Invalid Date`. Dalili shi ne tazarar da ke tsakanin rana da lokaci. Tsarin da ƙa'idar JavaScript ta wajabta wa kowace burauza ta gane shi ne mai harafin `T` a tsakiya. Wanda ya saɓa wa wannan, kowace burauza da yadda take yi da shi. Idan ranar ta lalace, `getDay()` yana ba da `NaN`, shi kuma ba ya cikin `workDays`, ƙara kwana ɗaya a kansa ma `NaN` yake bayarwa. Ka ga madaukin ba shi da ƙofar fita, zai yi ta zagaye yana neman ranar aikin da ba zai taɓa samu ba, kuma tunda ba kuskure aka jefa ba, `Console` ya yi shiru.

Kai ka san lambarka fiye da ni, amma ga abin da nake gani. Sabar ta riƙa turo ranar a haka: `2025-05-22T09:00:00+01:00`, da lokacin Najeriya a jiki. Na gwada wannan a Safari 15 ya karɓa. Sannan ko an gyara wancan, a sa wa madaukin birki: a duba `isNaN(d.getTime())` kafin a shiga, kuma kada ya wuce zagaye bakwai, tunda kwanakin mako ke nan. In ranar ta ƙi karantuwa, gara a ɓoye ta a bar mutum ya biya. Mai saye zai haƙura da rashin ganin ranar isowa, za mu kira shi mu faɗa masa, amma wanda shafi ya tsaya masa da wuya ya dawo. Hajiya ta kira ne don ta san mu.

Kuɗin kowa bai fita ba. Na duba, babu wata buƙata da ta tafi wurin kamfanin karɓar kuɗi kafin daskarewar, kuma babu rabin oda a bayanan shago.

Kafin ka gyara, muna gaya wa masu iPhone da suka kira su turo oda ta WhatsApp. In gyaran zai kai gobe, don Allah ka fara cire nuna ranar isowa yau, shafin ya koma yadda yake kafin Alhamis. Na haɗa maka bidiyon daƙiƙa arba'in na allon iPhone ɗin da hotuna biyu na Web Inspector. Wayar ƙanena tana hannuna har ranar Juma'a, da ka ɗora gyaran ka yi min magana in sake bin matakan nan huɗu a na'urorin biyu. Ina shago daga ƙarfe tara har la'asar.

Na gode, Allah ya taimaka.

Mai kula da odar intanet na shago, Sakkwato
Talata, 20 ga Mayu, 2025