’Yan kasuwar Malumfashi mazauna Legas za su ɗauki nauyin karatun yara 60 daga SS1 har zuwa JAMB

Sanarwa ga manema labarai, iyayen yara da shugabannin makarantu

Ƙungiyar ’yan asalin ƙaramar hukumar Malumfashi da ke kasuwanci a Legas, yawanci masu sauke tumatir da albasa da tattasai a kasuwar Mile 12 da kuma ’yan uwanmu na Agege, ta sanar da sabon shirin tallafin karatu ga yara 60 da suka gama JSS3 a makarantun gwamnati na ƙaramar hukumar. Shirin zai riƙe yaro tun daga ranar da ya shiga SS1 har ya rubuta WAEC da NECO da JAMB, wato shekara uku cur. Za a fara raba fom ranar 1 ga Yuli, a rufe karɓa ranar 21 ga Yuli, kuma fom ɗin kyauta ne, ko sisi ba a biya.

An raba guraben gida biyu, mata 30 maza 30. A cikin wannan adadin an ware gurbi 12 ga marayu da yara masu buƙata ta musamman, sannan kowace mazaɓa tana da kasonta, saboda haka yaran Dayi da Karfi da Ɗansarai da Yaba da sauran ƙauyuka ba za su yi gogayya da yaran cikin gari a kan gurbi ɗaya ba. Wannan maganar an daɗe ana ja a kanta a wajen taro, wasu suna ganin a bi maki kawai duk wanda ya ci ya ci, amma daga ƙarshe aka tsaya a kan rabon mazaɓa, don kowa ya san yaron da yake da malamin lissafi kullum ba ɗaya yake da wanda sai a yi zango guda bai ga malamin ba.

Mutane da yawa sun tambaye mu me ya sa ba mu tafi kan ’yan jami’a ba tunda su ne aka saba ba sukolashif. Amsar ita ce ramin da yaranmu suke faɗawa yana can baya, tun kafin a kai ga maganar jami’a. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole ne, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, daga nan kuma dokar ba ta tilasta wa kowa ba. To a daidai nan ne ake rasa yara, an gama BECE, wato jarrabawar kammala JSS3, an dawo gida hutu, sai damina ta kankama yaro ya shiga gona, ko wani ɗan uwa ya ce ya biyo shi kudu, yarinya kuma a ce ta taya uwarta talla kafin a ga abin da Allah zai yi, watan Satumba ya zo ya wuce babu wanda ya koma aji. Mu da muke Legas mu ne shaida, don irin waɗannan yaran muna ganin su suna sauka daga kan tirelar kaya da asuba, ’yan shekara sha biyar sha shida, suna neman dako. Ɗan jami’a ko ba komai yanzu akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 wanda zai iya nema, amma yaron da bai gama SS3 ba ai ko ƙofar wannan bai kai ba.

Shugaban kwamitin ilimi na ƙungiyar ya ce, “Wallahi ba rashin ƙwaƙwalwa ke hana yaran nan ci gaba ba. Wani kuɗin yunifom ne, wani kuɗin mota ne, wani kuma ya yi shekara uku yana zuwa makaranta sai an zo biyan kuɗin jarrabawa mahaifinsa ya ce babu. Mu ba masu kuɗi ba ne, ’yan gwari ne, amma wannan ɗin ba ta fi ƙarfinmu ba in muka haɗu.”

Abin da kowane ɗalibi zai samu a shekara ya kai na naira 120,000. A ciki akwai yunifom kala biyu da takalmi da jaka, hijabi ga mata, littattafan karatu na Turanci da lissafi da darussan da yaro ya zaɓa, littattafan rubutu na shekara, sai kuɗin mota naira 6,000 duk wata na tsawon watanni tara da ake karatu. Ko a makarantar da ba a karɓar kuɗin makaranta, waɗannan ƙananan abubuwan su ne suke karya iyaye, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mashin ya ninka. Yaron da gidansu ya yi nisa da makaranta kuma babu abin hawa a hanyar, za a saya masa keke a maimakon kuɗin motar shekarar farko.

Kuɗin jarrabawa daban yake, ba ya cikin wancan lissafin. In yaro ya kai SS3 ƙungiya za ta biya masa WAEC da NECO, idan kuma gwamnati ta riga ta biya masa ɗaya sai mu biya ɗayar. Ɗaliban ɓangaren Arabiyya za a biya musu NBAIS, na makarantar fasaha kuma NABTEB. Bayan haka akwai fom ɗin JAMB, da horon kwamfuta na sati huɗu kafin jarrabawar, don JAMB a kan kwamfuta ake yin ta, kuma abin takaici ne yaro ya san amsa amma ranar ce rana ta farko da ya taɓa linzamin kwamfuta a rayuwarsa. Tun a SS1 za a raka kowane yaro ya yi rajistar NIN, tunda yanzu ba a yin rajistar JAMB sai da ita, kuma za a tabbatar sunan da ke kan NIN shi ne na makaranta harafi da harafi, kwanan haihuwa ma haka. Iyaye don Allah a kula da wannan sosai, bambancin suna kaɗai yana iya jawo wa yaro asarar shekara.

Ba za a ba kowa tsabar kuɗin shekara a hannu ba. Yunifom telolin Malumfashi ne za su ɗinka, littattafai a saya a raba a makaranta gaban firinsifal, kuɗin jarrabawa a biya kai tsaye a kawo rasit. Kuɗin mota ne kawai zai dinga shiga asusun uwa ko wanda yake riƙe da yaron.

Wanda zai nema dole ya zama ya gama JSS3 a bana a makarantar gwamnati da ke cikin ƙaramar hukumar Malumfashi. Ba sai ɗan asalin gari ba, wannan muna so a ji shi da kyau, duk yaron da iyayensa suke zaune a nan yana da dama, har da waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu na maƙwabta suka dawo nan da zama, kuma ba a tambayar addini ko ƙabila ko jam’iyyar da uba yake yi. Abin da ake buƙata shi ne fom da aka cike, hoton fasfo biyu, sakamakon zango uku na JSS3 da sa hannun firinsifal, da takarda daga mai unguwa ko dagaci da ke nuna halin da gidan yake ciki. ’Ya’yan membobin ƙungiya da jikokinsu ba sa cikin shirin.

Ranar Asabar ta farko a watan Agusta za a yi jarrabawar tantancewa, Turanci da lissafi da kimiyya, sai gajeren rubutu da Hausa inda yaro zai faɗi abin da yake son zama da dalilinsa. An sa rubutun Hausar ne da gangan, akwai yara masu kaifin tunani da Turanci ne kawai bai zauna musu ba tukuna. Malamai masu ritaya ne za su yi makin, kuma lamba ce a kan takarda ba suna ba. Waɗanda suka haye za a kai ziyara gidajensu, mata ne za su shiga su gana da iyaye mata, kafin a liƙa sunaye a allon kowace makaranta a makon ƙarshe na Agusta. Duk wanda ya ga sunan da yake ganin bai cancanta ba yana da kwana bakwai ya kai ƙorafi a rubuce.

Game da makarantar kwana, ba za a tilasta wa kowa ba. Tun abin da ya faru a Ƙanƙara a watan Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantarsu, iyaye da yawa a yankin nan hankalinsu bai kwanta da kwana ba, kuma mun fahimce su. Yaro zai iya zama a makarantar jeka-ka-dawo mafi kusa da gida, tallafinsa ba zai ragu ba.

Akwai sharaɗi a kan iyaye su ma. Za su sa hannu cewa yaro zai dinga zuwa makaranta har lokacin shuka da girbi, kuma ba za a cire yarinya ba sai ta gama SS3. Shugabar ɓangaren mata ta ƙungiyar ta ce, “Muna roƙon iyaye su ba mu shekara ukun nan. Ga makarantar koyon ungozoma nan a cikin Malumfashi, kuma kowace mace a garin nan ta fi son ’yar uwarta mace ta karɓi haihuwarta, to daga ina za a samo su in ’ya’yanmu ba su samu kiredit biyar ba?” Yaron da ya faɗi jarrabawar zango ba za a kore shi nan take ba, za a haɗa shi da malamin da zai dinga yi masa darasin yamma, sai in ya daina zuwa makaranta gaba ɗaya ba tare da uzuri ba ne za a ba wanda yake biye da shi a jerin sunaye gurbinsa.

Kuɗin shirin daga aljihun membobi ya fito, wani abu da ake cirewa a kan kowace motar kaya da aka sauke, da gudummawar da wasu suke ƙarawa lokacin azumi. Ma’ajin ƙungiya ya tabbatar da cewa naira miliyan 21 da dubu 600 na shekara ukun wannan rukunin suna ajiye a asusu na daban da sai mutum uku sun sa hannu ake taɓa shi, kuma an ware na jarrabawa a gefe. Ba mu yarda mu sanar ba sai da kuɗin suka cika, saboda ɗaukar yaro a SS1 a sake shi a SS2 ya fi ciwo a kan ba a ɗauke shi ba tun farko. Rukuni na biyu ma sai nasu ya cika za a buɗe. A yanzu shirin bai haɗa da kuɗin jami’a ba, amma kwamiti zai taimaka wa waɗanda suka gama wajen cike takardun neman gurbi, ko a Jami’ar Umaru Musa ’Yar’adua, ko Jami’ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ko duk inda makinsu ya kai su.

Ana karɓar fom a ofishin firinsifal na kowace ƙaramar sakandaren gwamnati da ke ƙaramar hukumar, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, Litinin zuwa Alhamis, kuma a nan za a mayar da shi. Ba mu da ejan, ba mu da wani shafi da ake cikewa a waya, duk wanda ya ce a tura masa kuɗi zai saka sunan yaro to ɗan damfara ne, a kai rahotonsa wurin firinsifal ko mai unguwa. Muna roƙon limamai da fastoci da masu unguwanni da gidajen rediyo su taya mu isar da wannan saƙo, musamman ƙauyukan da ba sabis, iyayen da ba su iya rubutu ba kuma su je da yaron, akwai malamin da aka ajiye a kowace makaranta zai cike musu kyauta.

Sa hannu: Sakataren yaɗa labarai, a madadin kwamitin ilimi na ƙungiyar.