Yadda ake fitar da H(s) na da'irar RLC, da karanta fol ɗinta

Ɗauki rizisto R, indakta L da kafasito C, ka jera su a layi ɗaya. Ƙarfin wutar da ka ba da'irar shi ne Vi, wanda za ka auna a kan kafasito kuma Vo. Abin da muke nema, wato tiransfa fankshin, shi ne H(s) = Vo/Vi, bisa sharaɗin cewa tun farko kafasito ba ya riƙe da caji, kuma wuta ba ta gudana a indakta.

A lissafin Laplace, turjiyar rizisto R ce, ta indakta sL, ta kafasito 1/(sC). Tunda hanya ɗaya ce, wuta ɗaya, I, ke ratsa su duka. Dokar Kirchhoff ta ba mu:

```
Vi = I(R + sL + 1/(sC))
Vo = I/(sC)
```

Raba na biyu da na farko, I ta fita. Sai ka ninka sama da ƙasa da s/L:

```
H(s) = (1/LC) / (s² + (R/L)s + 1/LC)
```

Fol shi ne duk s ɗin da ya mayar da ƙasan nan sifili. Guda biyu ne:

```
s = −R/2L ± √((R/2L)² − 1/LC)
```

Nan nake so ka nutsu, domin halin da'irar duka yana cikin layin nan. A ce L = 10 mH, C = 1 µF. To 1/LC ya zama 10⁸.

Sa R = 100 Ω. R/2L ya zama 5,000, abin da ke cikin √ ya gaza sifili, sai fol ɗin su fito −5,000 ± j8,660, inda j ke nufin √−1. Kowane ɓangare da labarinsa. Mai j ɗin yana cewa da'irar za ta yi lilo, radiyan 8,660 a daƙiƙa. −5,000 kuwa saurin mutuwar lilon ne: duk bayan 0.2 ms girmansa yakan ragu zuwa kusan kashi 37 cikin ɗari. Ka ba da'irar 1 V farat ɗaya, za ka ga Vo ya zarce har wajen 1.16 V, ya dawo, sannan ya zauna.

A 200 Ω, fol biyun sun haɗe a −10,000, lilo ya ɓace.

Kai R zuwa 500 Ω, sai su rabu: −2,087 da −47,913. Ɗalibai da yawa sukan zuba ido kan babbar lambar, alhali tasirinta yakan gushe nan da nan. Na kusa da sifili, −2,087, shi ke jan ragama, shi ya sa kafasito ke cika da jan ƙafa, ya fi na 200 Ω nawa sosai.

Yanzu cire rizisto a takarda, R = 0, ka nemo inda fol ɗin suka tsaya.