Mahaɗar Wariya: Halin da Baƙi Mata 'Yan Aikatau Ke Ciki a Lebanon

A shekarar 1976 wata kotu a Amurka ta yi watsi da ƙarar da wasu baƙaƙen mata biyar suka shigar a kan kamfanin General Motors. Matan sun ce an sallame su daga aiki ne saboda su mata ne kuma baƙaƙe. Kotu ta ƙi yarda a haɗa abubuwan biyu: ko dai wariyar jinsi, ko ta launin fata. Ga shi kuwa kamfanin yana da mata, amma farare ne a ofis. Yana da baƙaƙe, amma maza ne a masana'anta. Wannan shari'a tana cikin waɗanda Kimberlé Crenshaw ta kafa hujja da su a 1989, inda ta kwatanta irin wannan mace da wadda mota ta kaɗe a mahaɗar hanyoyi, kowane direba yana cewa ba ta hanyarsa aka buge ta ba. Da wannan ra'i na mahaɗar wariya zan duba halin baƙi mata masu aikatau a Lebanon.

Kafin tattalin arzikin ƙasar ya rushe a ƙarshen 2019, an ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan ma'aikata kimanin 250,000, mafi yawansu daga Habasha, sai Filifin, Bangladesh, Sri Lanka da wasu ƙasashen Afirka. Sashe na 7 na dokar ƙwadago ta 1946 ya fitar da masu aikin gida daga kariyar doka baki ɗaya. Babu mafi ƙarancin albashi, babu iyakar awannin aiki da doka ta tsayar. Dokar ba ta ambaci mace ba, amma kowa ya san wa ke shara da wanke-wanke da raino. An raina aikin ne domin ana ganinsa aikin mata, wanda ba a saba biyan kowa a kansa ba.

Sai kuma tsarin kafala, wanda ya ɗaure iznin zamanta da sunan maigidan da ya kawo ta. Idan ta bar gidan ba da yardarsa ba, ko da duka ne ya kore ta, ta zama mai zaman haram, ana iya tsare ta a tusa ƙeyarta gida. Baƙo namiji ma yana ƙarƙashin kafala, amma shi yana tashi daga aiki ya koma masauki cikin 'yan uwansa. Ita kuwa wurin aikinta shi ne makwancinta, fasfonta sau da yawa yana hannun uwargida, kuma sufeton ƙwadago ba ya shiga gidan mutane. 'Yar Lebanon da aka ci zarafinta a wurin aiki tana iya fita ba tare da tsoron kora daga ƙasa ba. Ke nan abin da ke kan baƙuwa 'yar aikatau bai yi daidai da na baƙo namiji ba, bai kuma yi daidai da na mace 'yar ƙasa ba. Nau'i ne na daban, kuma a nan ne duk nazarin da ya ɗauki fuska ɗaya yake kuskure.

Su kansu baƙin ba ɗaya suke ba. Kamfanonin ɗaukar ma'aikata suna yanka farashi bisa ƙasar da mace ta fito, 'yar Filifin tana sama, 'yar Afirka tana ƙasa, alhali aikin ɗaya ne. Wani ɓangare na bambancin ya samo asali daga gwamnatin Filifin, wadda ta gindaya dala 400 a wata tun 2006. Sauran kuwa launin fata ne da talaucin ƙasar da ba ta iya tsaya wa 'ya'yanta. A watan Afrilun 2020 an kama wani mutum da ya tallata wata 'yar Najeriya a Facebook kan dala 1,000. A watan Yunin shekarar kuma aka riƙa jibge 'yan Habasha a ƙofar ofishin jakadancinsu da ke Beirut, wasu ba albashi ba fasfo.

Za a iya cewa wannan duk matsalar kafala ce kawai. Ban yarda ba. Da aka yi wa kafala gyara a Saudiyya a watan Maris na 2021, masu aikin gida ba su shiga ciki ba. A Lebanon ma, ma'aikatar ƙwadago ta ƙi amincewa da ƙungiyar da masu aikatau suka kafa a 2015, sannan a 2020 kotun Shura ta dakatar da sabuwar yarjejeniyar aiki da za ta ba su damar barin gida, bayan ƙorafin kamfanonin da ke kawo su. Gyara yana zuwa, amma sai ya tsallake su, domin ana yin sa ne da baƙo namiji a zuciya.

Don haka dole a taɓa wuraren uku tare: a soke sashe na 7, a raba iznin zama da sunan maigida, a kuma haramta yanka albashi bisa ƙasa. Yarjejeniya ta 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 2011, ta riga ta tanadi hutun mako da 'yancin riƙe fasfo ga masu aikin gida. Lebanon ba ta tabbatar da ita a dokokinta ba.